Yadda koci zai yi wa yara magana a hutun rabin lokaci idan ana cin su da ƙwallo ɗaya

Alƙalin wasa ya busa usur, an tafi hutu ana cin ku ɗaya da nema. Yaran suna tahowa ƙafafunsu fari fat da ƙura, gola yana can baya shi kaɗai yana fama da safar hannu, lamba tara yana nuna lamba takwas da yatsa yana faɗin sau nawa ya hana shi fasin. A bayan igiya kuma wani baba yana ɗaga murya yana cewa a cire wane a sa wane. Duk wanda ya riƙe ƙungiyar yara a Zariya, ko a Tudun Wada ne ko Samaru ko Gyallesu ko cikin Birni, ya san wannan lokacin. Na daɗe ina horar da 'yan ƙasa da shekara 15, kuma a ganina ƙwallo ɗaya ba ta kai a rushe tsari saboda ita ba. Gyara guda ɗaya take buƙata, a faɗe shi a fili, a faɗi wanda zai yi shi, sannan yaran su maimaita da bakinsu. Ga yadda nake tsara abin daga farko zuwa ƙarshe.

Ka san minti nawa ne a hannunka

Dokar ƙwallon ƙafa ta ce hutun rabin lokaci ba zai wuce minti 15 ba. Amma a gasannin unguwa da ake take wasa bayan la'asar, alƙali yana kallon rana ne, yana so a tashi kafin magariba, don haka da wuya ka sami fiye da minti 10. A kan goman nan nake gina komai. Minti 1 yana tafiya wajen tahowa da komawa. Minti 2 na ruwa da numfashi ne, ba na cewa uffan a kan wasa. Minti 1 na tambaya. Minti 3 na maganata ga kowa. Minti 2 na yaran da zan ja gefe. Na ƙarshe kuma na miƙewa da motsa jiki. Wato jawabin da kake ta shiryawa a ranka, minti 3 ne kacal rabonsa. Idan ka gwada faɗinsa a gida da agogo za ka ga minti 3 yana ɗaukar magana mai yawa, muddin ka san abin da za ka ce kafin ka buɗe baki.

Aikin yana farawa tun kafin a busa

Idan ya rage kamar minti 5 a tafi hutu, daina bin ƙwallo da ido. Fito da 'yar takarda da biro ka amsa wa kanka tambaya uku. Ta ina ƙwallon ta shigo, daga inda muka rasa ta har zuwa raga? Abin da ya jawo ta, sau nawa ya faru? Ina ne su ma suke da rauni?

Tambaya ta biyu ce take raba gardama, domin ci ɗaya iri-iri ne. Akwai na tsautsayi: ku ne ke riƙe da wasa, ƙwallo ta daki wani dutse ko rami ta sauya hanya, ta wuce gola. Sau ɗaya ya faru, ba a sake ganin irinsa ba. Akwai kuma na ƙofar da aka bari a buɗe: sun bi ta wuri ɗaya sau uku ko huɗu, a ɗaya daga ciki suka dace. Sai na uku, na fin ƙarfi, inda tsakiya ta kuɓuce muku gaba ɗaya, kuna ta dukan ƙwallo gaba tana dawowa, har ma ka gode wa Allah da ɗaya ce ba uku ba. Kowanne da maganar da ta dace da shi. Kocin da bai tantance ba shi ne zai je ya sauya tsarin da yake aiki saboda tsautsayi, ko ya ce wa yara su ci gaba a haka alhali ƙofa tana hangame.

Zan ɗauki na biyun in bi shi daki-daki, don shi ya fi yawa. Wata rana cikin hunturu muna wasa da wasu yara daga Sabon Gari, kowane rabi minti 35. An ci mu a minti na 22. Lamba biyunmu yaro ne mai gudu, yana son hawa ya taimaki lamba bakwai, kuma ni na koya masa hakan. To duk sanda ya hau, sai ɗan tsakiyarsu ya ɗaga doguwar ƙwallo zuwa wurin da ya bari, lamba sha ɗayansu ya bi ta. Lamba biyar ɗinmu dole ya bar tsakiyar gida ya fita tarar sa, lamba shida ya rage shi kaɗai da lamba taransu. Na ƙirga a takardata, sau huɗu aka yi haka, na ukun ne ya zama ci. A ɓangarensu kuma na lura golansu ba ya cafke ƙwallon ƙasa, tunkuɗe ta yake yi gabansa, ga fili ya bushe ƙwallo tana tsalle. Iska kuma da ta dame mu a rabin farko za ta koma bayanmu idan an juya. Layi uku ke nan a takarda, kuma su ne jawabin baki ɗaya.

Zaunar da su, ka ba su ruwa, ka yi shiru

Kai su inuwa, ko ta darbejiya ce ko ta katanga, nesa kaɗan da 'yan kallo. Su ba taron jama'a baya, kai ka fuskanci taron, kuma idan rana za ta daki idon wani, naka ta daka. Su zauna a rabin da'ira, 'yan benci ma su shigo ciki, don wanda za ka sa anjima dole ya ji abin da aka tsara. Kai kuma ka tsuguna. Yaro ɗan shekara 13 da aka tsaya a kansa ana magana, ƙasa yake kallo, yana jiran a gama.

Ledar fiyawota rabin lita ce. Kada yaro ya shanye ta a kurɓi ɗaya ya nemi ta biyu, sai ciki ya yi masa nauyi ya kama ciwon gefe da an koma. A hankali zai sha, sauran ya zuba a ƙeya. A cikin minti biyun nan ka bi su da ido ɗaya bayan ɗaya: wa yake ɗingishi, wa ya riƙe cinya, wa ya yi karo da kai. Wanda ya bugu a ka yana cewa yana jin jiri ko tashin zuciya ko yana gani biyu-biyu, wasansa ya ƙare ranar nan, ko da shi ne kaftin, ko da ya rantse maka ya warke. Wannan ba abin shawara ba ne.

Shirun yana da wuya, na sani, don bakinka cike yake. Amma yaron da yake haki ba ya jin magana, kuma kai ma kana buƙatar minti biyun don zuciyarka ta sauka. Idan sun fara zargin juna, kalma ɗaya ta isa: "Ruwa tukuna."

Tambaya ɗaya, sannan ka yi magana

Kada ka ce "me ya faru?" Za ka buɗe ƙofar ƙorafi ne, wani ya ce alƙali, wani ya ce satar gida ce aka ƙi busawa. Yi tambayar da take da amsa ɗaya. Ranar nan cewa na yi: "Ta wane gefe suka fi zuwa mana?" Lamba biyar ya ce, "Koc, ta dama ne, kullum ni nake fita." Ka ga ya faɗi rabin abin da nake son faɗa, kuma daga bakin ɗan'uwansu ya fito, ya fi shiga.

Daga nan sai na share ƙasa da tafin hannu, na jera tsakuwa huɗu a matsayin 'yan baya, ɗaya a gabansu a matsayin lamba huɗu, na ɗauko marfin kwalba ya zama lamba sha ɗayansu. Allo da maka suna da kyau ga mai su, amma tsakuwa ta fi, don yaro yana iya sa hannu ya motsa ta da kansa. Ga abin da na ce, kusan kalma da kalma, kuma kana iya ɗaukar sa ka sauya lambobin su dace da naka wasan. Inda na sa lamba, kai sunan yaron za ka kira.

"Yarana, ku dube ni. Ɗaya ce. Saura minti 35, ƙwallo ɗaya muke nema mu dawo daidai, kuma ba a minti na farko muke neman ta ba. Fasin ɗinku a tsakiya ya yi kyau, lamba takwas da lamba goma, na ga yadda kuke nemo juna, kada ku sauya komai a nan.

"Abu ɗaya za mu gyara. Ku kalli ƙasa. Wannan lamba biyu ne, idan ya hau nan, wurin nan ya zama babu kowa, nan suke jefa ƙwallo. Lamba biyu, ban hana ka hawa ba, ina son hawan ka. Amma daga yanzu duk sanda ka hau, lamba huɗu zai zame ya tsaya a wurinka, ga shi, haka. Lamba uku kuma ba zai hau ba a lokacin, zai matso ciki. Lamba biyar, kai ka zauna gida kusa da lamba shida, ka daina fita. Idan lamba biyu ya tashi, gola zai yi kira da ƙarfi, ya ce 'rufe'. Da ka ji 'rufe', lamba huɗu, ka san naka ne.

"Ga kuma inda ƙwallonmu take. Golansu ba ya riƙe ta ƙasa, kun gani sau biyu ya tunkuɗo ta. Iska tana bayanmu yanzu. Duk wanda ya sami sarari a bakin da'irar gidansu, ya buga, a ƙasa, ba sama ba. Lamba tara, da an ɗaga ƙafa za a buga, kai ka riga ka fara gudu wajen gola, abin da ya zubar naka ne.

"Lamba huɗu, idan ka ji 'rufe' me za ka yi? Lamba tara, idan an buga fa? Madalla. Ku tashi."

Lura da yadda aka jera shi. An fara da gaskiyar lissafi, ci nawa, minti nawa, don yaro yakan ji ci ɗaya kamar an gama da shi. Sai yabo guda, na abin da ya faru da gaske, da sunan waɗanda suka yi shi. Yabon da ba shi da suna, irin "kuna ƙoƙari", yara sun san na lallashi ne. Sai gyara ɗaya a baya, sai hanya ɗaya a gaba, sai maimaitawa. Ban ce wa lamba biyu shi ya jawo mana ci ba, ko da yake kowa ya gani. Da na faɗa, da ya maƙale a baya har a tashi, mu kuma mu rasa gefen da muka fi ƙarfi a lokacin da muke neman ƙwallo.

Maimaitawar nan kada ka tsallake ta, ko alƙali ya fara busa. Idan ka ce "kun gane?" kowa zai ce e. Idan ka ce "me za ka yi?" nan take za ka ji ko ya shiga. Sau da yawa yaro zai faɗa maka akasin abin da ka ce, kuma gara ka ji a inuwa da ka gani a fili.

Kalmomin da na daina amfani da su

"Ku dage." "Ku sa zuciya." "Ku farka mana." Duk mun faɗe su, kuma babu wadda take gaya wa yaro inda zai sa ƙafarsa. Yaron da aka ce ya dage, gudu zai ƙara ba tare da ya san ina za shi ba, ko ya shiga wani da ƙarfi ya jawo kati. Haka kuma "kada ka": kada ka rasa ƙwallo, kada ka bari ya wuce ka. Juya ta ta zama aiki. Maimakon "kada ka riƙe ƙwallo", ce "taɓa biyu ka bayar". Maganar alƙali kuwa, ko ya yi kuskure a fili, kada ta fito daga bakinka a hutu. Da ka ambace shi ka ba yaran uzuri, kuma za su koma suna wasa da mutum biyu, abokin karawa da mai usur.

Mafi haɗari ita ce "kowa ya hau". Na taɓa yin ta a farkon fara horaswata, kuma har yau tana damuna. Ana cin mu ɗaya, ƙwallon ta zame ne daga hannun golana, yaro ɗan shekara 12. A gaban kowa na ce masa ko mace ba za ta saki wannan ba, sannan na ce duk su tafi gaba mu rama. Cikin minti 10 aka ƙara mana biyu, duka ta baya da babu kowa, kuma a ta biyun yaron ko fitowa bai yi ba, ya tsaya a kan layi kamar an dasa shi. Ya daina zuwa atisaye. Bayan sati biyu na same shi a shagon mahaifinsa a kasuwar Sabon Gari yana auna shinkafa. Na gaishe da baban, na ba yaron haƙuri a gabansa, ya ce "ba komai, Koc", idonsa na kan mudu. Ya dawo daga baya, amma ya ɗauki watanni kafin ya sake fitowa ya tari ƙwallon sama da gaba gaɗi.

Minti biyun gefe

Shi ya sa yanzu, idan cin ya biyo ta kuskuren mutum ɗaya, ba na taɓa maganar a cikin taro. Da an miƙe sai in dafa kafaɗarsa mu ɗan taka. Abin da nake cewa gajere ne: "Waccan ta wuce. Ƙwallo ta farko da za ta zo, ka kira 'tawa' da ƙarfi ka fito. Ni na sa ka, kuma ba zan cire ka ba." Ka ba shi aikin da zai iya yi a minti biyar na farko, don ya sami abin da zai maye gurbin kuskuren a ransa. Cire yaro a hutu saboda kuskure ɗaya hukunci ne a bainar jama'a. Idan canjin ya zama dole saboda gajiya ko rauni, gaya masa dalili kai da shi kafin ka sanar.

Na biyun da nake ja gefe shi ne kaftin, kuma shi nake ba sirrin lokaci. Ina ce masa: minti 20 na farko a yadda muke za mu tsaya. Idan har lokacin ba mu farke ba, zan cire ɗan tsakiya ɗaya in sa ɗan gaba na biyu. Idan ya rage minti 5, lamba biyar zai riƙa hawa a kwana da firikik, lamba huɗu da lamba uku su tsaya baya. Ba na faɗa wa duka ƙungiyar wannan, don yana yi musu yawa, kuma da sun ji akwai shirin hawa sai su fara shi tun daga minti na farko.

Yaran da suke ganin dole a rama nan take, ina ba su labarin wasan Najeriya da Kamaru a gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, amma a atisaye, ba a hutu ba. An tafi hutu ana cin Najeriya 2 da 1. Odion Ighalo bai farke ba sai bayan an wuce minti 60, Alex Iwobi ya ƙara jim kaɗan, aka tashi 3 da 2. Ina kuma haɗa musu da wasan Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2018: an tafi hutu ana cin mu ɗaya ta ƙafar Messi, Victor Moses ya farke da fenariti bayan an dawo, sai Marcos Rojo ya ci a minti na 86 muka fita daga gasar. Saboda irin wannan nake ƙara wa kaftin jimla ɗaya: idan mun farke, murna a taƙaice, ka tara 'yan baya ka tuna musu da "rufe", domin yara sun fi sakin jiki a mintocin da suka biyo bayan sun ci.

Idan wasanka ba irin wannan ba ne

Idan tsautsayi ne, cire sashen gyara gaba ɗaya. Ka ce musu sau nawa suka kai hari, ka ce kada a sauya komai, ka ba su hanya ɗaya ta gaba. Jawabin ba zai kai minti 2 ba, kuma ba laifi. Idan fin ƙarfi ne, maganar farkewa ta jira. Gyaranka shi ne a matse: lamba bakwai da sha ɗaya su shigo ciki a zama biyar a tsakiya, a hana ta biyu, a jira kwana ko kuskurensu. Faɗa musu gaskiya cewa waɗancan sun fi riƙe ƙwallo, don sun riga sun sani, kuma idan ka ɓoye ba za su yarda da sauran maganarka ba. 'Yan ƙasa da shekara 12 kuwa, abu ɗaya tak za ka ba su, ko na baya ko na gaba, a cikin minti 1.

Baban da ya ƙetaro igiya yana son ya yi wa ɗansa faɗa, tare shi da girmamawa kafin ya iso da'irar: "Baba, a yi mana haƙuri minti biyar, in an tashi zan zo in same ku." In kana da mataimaki, wannan aikinsa ne. Kuma in an tashi, ka je ɗin.

Yadda za ka gane ta shiga

Minti 5 na farko bayan an dawo, kada ka kalli ci, kalli gyaran. Ranar da nake ba da labari, idona yana kan lamba huɗu kawai. Karo na farko da lamba biyu ya hau, gola bai yi kira ba, lamba huɗu bai motsa ba. Ban yi dogon bayani daga bakin layi ba, na ɗaga murya na ce "rufe", kalmar da muka riga muka yi yarjejeniya a kanta. Karo na biyu gola ya kira da kansa, doguwar ƙwallon ta zo ta tarar da lamba huɗu a tsaye yana jiran ta. Da a ce sau uku ana yi bai tafi ba, da na san aikin ya fi ƙarfin ƙafarsa a ranar, sai in ce wa lamba biyu ya zauna baya kawai.

Mun farke a minti na 19 na rabin na biyu. Lamba goma ya buga ta ƙasa, gola ya tunkuɗe ta zuwa kwana, daga kwanar lamba shida ya sa kai. Haka aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Takardar nan mai layi uku na ninke ta na sa a aljihu, ranar Talata a atisaye muka yi minti 20 muna maimaita hawan lamba biyu da zamewar lamba huɗu, har da 'yan benci, kowa sai da ya tsaya a wurin ya ji kiran da kunnensa.